Yadda Ake Mayar da Hoton Jadawalin Lakca Zuwa Tsarin Mako, a Gano Darussan da Suka Ci Karo

A yawancin manyan makarantu, jadawalin lakca yakan iso wa ɗalibi ne a matsayin hoto. Ana manna takarda a allon sanarwa, wakilin aji ya ɗauka da waya ya tura zauren WhatsApp, kowa ya adana. Jadawalin na tsangaya ne gaba ɗaya, alhali ɗalibi kwasa-kwasai takwas ko tara kawai ya yi wa rajista. Hoto kuma ba ya tace kansa, ba ya lissafi. Shi ya sa wanda ke da kariyoba, wato kwas ɗin da ya faɗi bara yake sake ɗauka, yakan kai mako na biyu ko na uku kafin ya farga cewa lakcoci biyu na jiransa a sa'a guda. Maganin wannan shi ne a kwashe abin da ke cikin hoton a zuba shi a Excel ko Google Sheets, inda za a iya gwada kowane darasi da sauran.

Aikin yana farawa ne daga ingancin hoton. WhatsApp yana matse hoto don rage nauyinsa, ƙananan lambobi su dushe, don haka gara a nemi a turo shi ta zaɓin Document, ko a koma gaban allon a ɗauka tsaye ba a karkace ba. Daga nan akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto: Google Lens yana kwafo kalmomi, Excel kuma yana da Data from Picture wanda ke ƙoƙarin dawo da gidajen jadawalin yadda suke. Duka biyun suna tuntuɓe a wurare sanannu. Sukan rikita sifili da harafin O, lamba 1 da harafin I, lamba 8 da B, sai MTH 101 ya koma MTH IOI. Mafi haɗari shi ne lakcar sa'a biyu da aka haɗe mata gida biyu a takarda: manhaja takan ajiye ta a gidan farko ta bar na biyu fanko, kamar darasin sa'a ɗaya ne. Ga mai kwasa-kwasai tara, bugawa da hannu yana duban hoton yakan fi sauri a kan gyaran abin da manhaja ta ɓata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaikwayi siffar hoton tun daga farko, ranaku a gefe, sa'o'i a sama. Wannan siffa ta dace da ido, amma ba ta dace da lissafi ba. Abin da ake so shi ne jeri, inda kowane zama ɗaya na lakca yake da layinsa. Gidan A na rana ne, B na lokacin farawa, C na lokacin tashi, D na sunan kwas, E na ɗakin lakca, F kuma a bar shi don sakamako. Kwas ɗin da ake yi Litinin da Alhamis layi biyu zai ci.

Rubuta lokaci yana da tarko. Idan aka buga 8-10 kamar yadda yake a takarda, Excel zai ɗauka kwanan wata ne, ya mayar da shi 10 ga Agusta ko 8 ga Oktoba, gwargwadon saitin na'urar. Haka nan jadawalin makaranta ba ya cewa safe ko yamma, domin kowa ya san lakcar 2 zuwa 4 ta rana ce, na'ura kuwa ba ta sani ba, za ta ɗauki 2 a matsayin abin da ya riga 8. Hanya mafi aminci ita ce ƙidayar sa'o'i 24 da lambobi zalla: ƙarfe takwas na safe ya zama 800, biyu na rana 1400, biyu da rabi 1430.

Ƙa'idar cin karo guda ɗaya ce. Darussa biyu sun yi karo idan rana ɗaya suke, kuma kowannensu ya fara kafin ɗayan ya tashi. Ba dole lokacin farawarsu ya zama ɗaya ba, kuma nan ne ido ke yaudarar mutum, domin yakan nemi gidajen da suka yi daidai ne kawai. A gidan F2 ake rubuta wannan, sannan a ja shi ƙasa zuwa layin ƙarshe:

```
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,"<"&C2,C:C,">"&B2)
```

Fomular tana ƙirga layukan da ke da rana irin ta wannan layi, waɗanda suka fara kafin ya tashi, suka kuma tashi bayan ya fara. Kowane darasi yana ƙirga kansa, saboda haka 1 na nufin lafiya lau, abin da ya haura 1 kuwa karo ne. Ga masu Excel na Faransanci, kamar a Nijar, sunan fomular NB.SI.ENS, kuma da alamar ; ake raba sassanta.

A ɗauki misalin ɗalibar aji biyu a tsangayar kimiyya. Ranar Litinin tana da CHM 211 daga 800 zuwa 1000, da BIO 201 daga 1000 zuwa 1200, da GST 212 daga 1400 zuwa 1600, ga kuma kariyobar MTH 101 daga 900 zuwa 1100. Fomular za ta ba CHM 211 lamba 2, domin MTH 101 ya fara da tara alhali ba a tashi daga CHM ba. BIO 201 ma zai sami 2, tunda ya fara da goma, MTH bai tashi ba sai sha ɗaya. Tsakanin CHM da BIO kuwa babu karo, domin ɗaya na tashi ɗaya na farawa, kuma 1000 bai gaza 1000 ba. GST 212 zai tsaya a 1, MTH 101 kuma ya nuna 3. Wannan ne amfanin barin lambar a fili maimakon a rubuta kalmar karo kawai: layuka uku sun nuna matsala, amma lambar ta tona cewa kwas ɗaya ne ya jawo ta, shi za a kai wa jami'in jadawali. Don karon ya fito ja, sai a zaɓi layukan a shiga Conditional formatting a sa sharaɗin `=$F2>1`.

Fomular tana iya kuskure ta fuska biyu. Idan aka maimaita layi ɗaya sau biyu, za ta nuna karon da babu shi. Idan kuma an rubuta Litinin a wani layi, Litini a wani, ko an bar tazara bayan kalmar, za ta ɗauke su ranaku daban ta yi shiru a kan karo na gaske, kuma wannan ya fi muni. Alamar cewa an shigar da lokaci a matsayin rubutu ita ce ganin 0 a gidan F, da lambar da ta manne a hagun gidanta maimakon dama. Akwai kuma abin da ba ta gani sam. Darasin gwaji da aka raba rukuni-rukuni, na rukunin ɗalibin kaɗai ya kamata a shigar. Lakcar da ta tashi ƙarfe goma a wannan kusurwar makaranta da wadda ta fara ƙarfe goma a wancan ƙarshen ba su yi karo a lissafi ba, amma ƙafa ta san sun yi. Sallar Juma'a ma sai an ba ta layinta kamar darasi kafin a ga abin da ya shiga lokacinta.

Sai an gama wannan ake zana jadawalin mako, ranaku a gefe, sa'o'i a sama, gidan da ke da karo a rubuta kwasa-kwasan biyu a ciki a shafa masa ja. Wajen jera ranakun, na'ura haruffa take bi, za ta fara da Alhamis ta ƙare da Talata, don haka ake sa lamba a gaba: 1 Litinin, 2 Talata, har zuwa 6 Asabar. Jadawalin farkon zango yakan sauya kafin na ƙarshe ya fito, saboda haka ana rubuta kwanan watan hoton a saman shafin. Idan sabo ya zo, layukan da suka sauya kawai ake gyarawa, gidan F ya sake lissafi da kansa.