Yadda ake lissafin matsakaicin gudu a wasan kurket

A Gasar Kofin Duniya ta kurket da aka yi a Ingila da Wales a 2019, Niyu Zilan da Pakistan sun kammala zagayen farko da maki 11 kowacce. Pakistan ma ta doke Niyu Zilan a karawarsu, amma Niyu Zilan ce ta tsallaka zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Abin da ya raba gardama shi ne ma'aunin da ake rubutawa NRR a teburin gasa.

Tushen lissafin shi ne oba, wato jifa shida na halal. A wasan yini ɗaya kowace tawaga tana da oba 50. Idan aka raba gudun da ta tara da yawan obar da ta fuskanta, an samu matsakaicin gudunta. Gudu 250 a oba 50, alal misali, ya ba da 5.00. Shi kuwa NRR, ana samun sa ne idan aka ɗebe matsakaicin gudun da aka ci tawagar daga wanda ita ta ci.

Akwai ƙa'idoji biyu da kan rikita mai lissafi, kuma dukansu sun bayyana a wasan Pakistan na farko, wanda ta buga da Wes Indis. Wes Indis ta ci gudu 108 a oba 13.4. Wannan 4 ɗin jifa huɗu ne cikin shida, saboda haka a lissafi 13.67 ke nan, matsakaicinta kuma ya kama 7.90.

Ita kuwa Pakistan gudu 105 ta tara kafin a fitar da 'yan wasanta goma a oba 21.4. Ƙa'ida ta ce tawagar da aka fitar gaba ɗaya ana ɗauka ta cinye obarta duka, domin kada saurin faɗuwa ya zame mata riba. Don haka da 50 aka raba 105, aka samu 2.10 maimakon 4.85. Da aka ɗebe 7.90, sai ta tashi da -5.80.

A teburin gasa ba a ɗaukar sakamakon kowane wasa a daidaita. Ana haɗa gudun dukkan wasanni da obarsu ne kafin a raba, ban da wasan da aka soke ba tare da sakamako ba. Wannan ne ya sa mummunan kaye guda yake bin tawaga har ƙarshe. Pakistan ta lashe wasanninta huɗu na ƙarshe, amma ta ƙare da -0.430, Niyu Zilan kuma da +0.175.

Masu sukar ma'aunin suna nuna cewa bai damu da yawan 'yan wasan da suka rage wa mai nasara ba, kuma a gasar 2019 ya sha gaban sakamakon karawar tawagogin biyu. Shi ya sa tawagar da ta hango nasara take hanzarin kammala wasa da sauran oba a hannu.