Jamus ko Birtaniya: lissafin da ya kamata a yi kafin a sayar da fili

Duk inda aka zauna ana hirar karatu a ƙasar waje, sai wani ya ce ai a Jamus kyauta ne, Birtaniya kuwa sai ɗan mai hali. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta isa a ce uba ya sayar da filinsa a kanta ba. Kuɗin makaranta layi ɗaya ne kawai a cikin lissafi. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne jimillar abin da zai fita daga aljihu tun daga ranar cike takarda har ranar karɓar shaidar kammalawa, da kuma lokacin da za a nemi kowane kaso. Bari mu gwada da ɗalibin da ya gama digiri na farko a Najeriya yana neman na biyu, mu yi amfani da alƙaluman da ake aiki da su a tsakiyar 2025.

A yawancin jami'o'in gwamnati na Jamus ba a biyan kuɗin karatu. Ana dai biyan kuɗin zango, wanda ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Mu ƙaddara yuro 300. Nauyin yana wajen rayuwa. Kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce zuba yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, a riƙa sakar masa yuro 992 duk wata. Digiri na biyu a can yawanci zango huɗu ne, wato shekara biyu. Wata 24 sau 992 ya ba da 23,808. A ƙara kuɗin zango huɗu, 1,200, da na biza 75, da 75 na uni-assist, ofishin da ke tantance takardun masu nema a madadin jami'o'i da yawa. An tashi da yuro 25,158, ban da kuɗin jirgi.

A Birtaniya yawancin digiri na biyu shekara ɗaya ne. Mu ɗauka jami'ar da ke wajen Landan ta nemi fam 15,000. Gwamnati ta ƙiyasta rayuwar ɗalibi a wajen Landan kan fam 1,136 a wata, wato 13,632 a wata 12. Biza fam 524. Sai harajin lafiya, wanda mutane da yawa ba sa jin labarinsa sai sun zo biya a intanet: fam 776 a shekara. Kuma da tsawon bizar ake lissafa shi, ita kuwa biza takan zarce kwas ɗin da 'yan watanni, don haka mai kwas na wata 12 yakan biya na shekara ɗaya da rabi, fam 1,164. Jimilla fam 30,320, kusan yuro 35,000.

A wannan gaɓar Jamus ta fi sauƙi da kimanin yuro 10,000. To amma a duba abu biyu. Jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Heidelberg da Karlsruhe suke, tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Zango huɗu 6,000 ke nan. Sannan ba baƙon abu ba ne ɗalibi ya ƙara zango na biyar, musamman idan aikin bincike ya ja lokaci ko yana haɗa karatu da aiki. Zango ɗaya na ƙari yana cin kusan yuro 6,000 na rayuwa kawai. Idan biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya, ƙasar da aka ce kyauta ce ta zarce Birtaniya tsada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi, tambayar "yaushe" ta fi tambayar "nawa" muhimmanci. Birtaniya tana so ta ga kuɗin makarantar da ya rage ba a biya ba, haɗe da na rayuwar wata tara, wato 10,224, zaune a asusu kwana 28 a jere ba tare da ya ragu ba. A misalinmu fam 25,224 ke nan, ga biza da harajin lafiya da ake biya nan take, ga gwajin tarin fuka da ake buƙata daga masu nema a Najeriya. Kusan duk kuɗin sai ya taru kafin a taka jirgi. Jamus kuwa kusan rabi take nema a farko, ragowar sai an zo sabunta takardar zama. Gidan da ke tara kuɗi a hankali, daga albashi ko kakar noma, zai iya ɗaukar na biyun ko da jimillar ta zo ɗaya.

Sai dai watan farko a Jamus yana da nasa tarko. Kuɗin yana nan a asusu, amma ba ya fitowa sai ɗalibi ya isa, ya buɗe asusun banki na yau da kullum, an haɗa su. Kafin nan mai gida yana jiran hayar wata da kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai hayar wata uku. Ɗakin yuro 400 yana iya neman 1,600 kafin a miƙa makulli, alhali abin da za a sakar masa 992 ne. Daga cikin 992 ɗin nan ne kuma za a cire inshorar lafiya, fiye da yuro 120 a wata, da harajin rediyo da talabijin na yuro 18.36 da ake biya a kan kowane gida, ko akwai akwatin talabijin ko babu. Wanda ya samu ɗaki a Magdeburg ko Chemnitz zai iya numfasawa da abin da ya rage. A Munich, haya kaɗai tana iya lashe mafi yawansa. Shi ya sa gari da gari ake kwatantawa, domin adadin da ofishin jakadanci ke nema ɗaya ne a duk ƙasar, haya kuwa ba ɗaya ba ce.

Akwai kuma canji. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura 1,500. A watan Mayun 2024 aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda sun kasa cika kason kuɗin makaranta, bayan ajiyarsu ta naira ta narke. Darasin a lissafi shi ne, duk kuɗin da za a biya nan gaba daga naira yana cikin haɗari, kuma karatun shekara biyu ya fi na shekara ɗaya daɗewa a cikinsa. Ni zan ce a sake yin lissafin gaba ɗaya da canjin da ya fi na yau tsada da kashi 30 cikin ɗari. Idan gida ba zai iya ɗauka ba, a nemi gari mai arha ko a jinkirta. Ɗan Nijar yana da sauƙi a nan idan Jamus ya nufa, tunda sefa a ɗaure take da yuro kan 655.957.

Aiki kuwa, kada a sa shi a lissafin shekarar farko. Jamus ta yarda da cikakkun kwana 140 a shekara, Birtaniya awa 20 a mako lokacin karatu, amma izini daban, samun aikin daban, musamman ga wanda bai iya Jamusanci ba a ƙaramin gari.

Idan da eja ake bi, a nemi ya rubuta ladansa daban da kuɗin jami'a, a biya jami'a kai tsaye a asusun da ke cikin takardar gurbin karatu. Kafin a biya kafin alƙalami, a karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan an hana biza, domin wasu jami'o'in suna mayarwa bayan sun cire wani abu, wasu kuma ba sa mayarwa idan laifin daga takardun ɗalibi ne.