Kundi ɗaya, baki biyar: yadda muka daidaita dokokin makarantarmu a Abidjan

Wata safiyar Litinin wani dattijo mai sayar da yadi a kasuwar Adjamé ya shigo makarantar da nake koyarwa riƙe da takarda, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, fashin kwana uku kawai, shi ne za ku kori yaro daga karatu?" Na karɓi takardar na duba. Nufinmu yaron ya zauna gida kwana biyu, ya dawo tare da babbansa. Amma abin da aka rubuta shi ne "an kore shi". Alhaji ya riga ya fara neman wanda zai koya wa yaron ɗinki.

Laifin ba na magatakarda ba ne. Daga kundin dokokinmu ya kwafo kalmar. Makarantar tana da rassa biyu, ɗaya a Adjamé, ɗaya a Treichville, kuma mutum biyar ne suka rubuta kundin da Hausa domin iyayen da ba sa karanta Faransanci: shugaban makaranta, malamin Alƙur'ani, ma'aji, wata malama, da ni. Kowa ya ɗauki babi guda. Biyu daga cikinmu Hausar Nijar suke yi, ɗaya ta Kano, ɗaya ta zangon Kumasi, ni kuwa haihuwar Abidjan ce. Da aka haɗa babukan sai ya zama kundi ɗaya mai baki biyar. Bayan zuwan Alhaji aka ɗora mini aikin gyarawa.

Ban fara da gyaran jimloli ba. Na ɗauki littafin rubutu na ja layi uku: kalmar, babin da ta fito, da abin da marubucin yake nufi da ita. Layi na uku ne mai wahala, don sai da na bi kowa na tambaye shi. Nan na gano "kora" tana ɗauke da ma'ana uku. A babin malama, fitar da yaro ne daga aji na darasi ɗaya. A babin shugaba, zaman gida ne na 'yan kwanaki. A nawa babin, cire suna ne daga rajista. Ba ƙaramin bambanci ba ne, musamman a ƙasar da tun 2015 doka ta wajabta karatu ga yara daga shekara 6 zuwa 16. Muka raba su: "fitarwa daga aji", "dakatarwa", da "sallama". Kalmar "kora" muka cire ta gaba ɗaya, domin kowa ya riga ya saba da tasa fassarar.

Ƙa'idar da na bi ita ce abu ɗaya suna ɗaya, suna ɗaya abu ɗaya. A insha'i muna koya wa yara su guji maimaita kalma. A kundin doka kuwa, in ka ce "ɗalibi" a shafi na biyu, ka ce "almajiri" a na tara, mai karatu zai ɗauka mutum biyu ne. Haka ya faru da wanda ke sa hannu a madadin yaro. Wani babi ya ce "uba", wani "iyaye", wani "waliyyi". Alhali yara da yawa a nan suna hannun kawu ko gwaggo, iyayensu na Tahoua ko Maradi. Muka zaɓi "mai riƙon ɗalibi", muka bayyana shi sau ɗaya a farkon kundin: wanda sunansa ke kan takardar rajista.

Kuɗi ma sun ba mu ruwa. Ma'aji ya rubuta kuɗin rajista "jika goma". Shugaba ya rubuta "dubu biyu", yana nufin dala. Duka daidai ne, don dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, saboda haka dala dubu biyu da jika goma duk sefa 10,000 ne. Amma mutumin Kano da ya ga "dubu biyu" zai kawo sefa 2,000 ne, a yi ta jayayya a bakin taga. Yanzu kowane kuɗi a kundin da alƙalami yake, da kalmar "sefa" a gabansa.

Daga nan na koma kan kalmomin umarni, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace doka. Malamin Alƙur'ani ya rubuta "haramun ne" shigo da waya aji, "wajibi ne" sanya rigar makaranta. Da na same shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, waɗannan kalmomi hukuncin shari'a suke ɗauke da shi, mu kuwa tsarin makaranta muke kafawa, wanda kwamiti zai iya canzawa baɗi." Ya yi murmushi ya amince. Malama ita kuma saboda ladabi komai "ya kamata" ta sa, har da zuwa ɗaukar yaron da ya kamu da zazzaɓi. Muka tsaya a kan huɗu: "dole" ga abin da saɓa shi ke jawo hukunci, "an hana" ga kishiyarsa, "ana so" ga shawara, "ana iya" ga zaɓi. Kowane "ya kamata" na tambayi mai shi: in mutum bai yi ba, me zai faru? In akwai hukunci, ya koma "dole". In babu, ya koma "ana so".

Sai murya. Wani babi yana cewa "kai uba", wani "ku iyaye", wani kuma kamar huɗuba. Ga yadda dokar fashi take da farko: "Ya kai uba, ka ji tsoron Allah game da amanar ɗanka, duk yaron da ya cika fashi za a kore shi." Ga yadda ta koma: "Ɗalibin da ya yi fashin kwana uku a jere ba tare da sanarwa ba, za a dakatar da shi kwana biyu. Dole mai riƙonsa ya rako shi ranar dawowa." Kowace doka yanzu tana faɗin wa, me, yaushe, da abin da zai biyo baya. Nasihar ba mu zubar da ita ba, mun tattara ta a gabatarwa, inda ta fi daɗin ji.

Akwai iyakar da mai gyara bai kamata ya tsallake ba. A babin shugaba wa'adin biyan kuɗi mako ɗaya ne, a na ma'aji mako biyu. Wannan ba saɓanin lafazi ba ne, saɓanin ra'ayi ne da ya ɓuya a cikin rubutu. Da na zaɓi ɗaya da kaina, da na kafa doka ba da izinin kowa ba. Na tara irin waɗannan guda shida na kai wa kwamiti, suka yanke. Muka kuma ajiye kundin Hausa gefe da na Faransanci, wanda shi jami'an ilimi ke karantawa, muka bi su doka bayan doka da lamba iri ɗaya.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. Na karanta wa iyaye uku dokoki goma da baki, ɗaya mutumin Nijar, ɗaya ɗan Najeriya, ɗaya haifaffiyar Treichville. Ban tambaye su ko sun gane ba, don kowa zai ce e. Cewa na yi, "Hajiya, in ɗanki ne, me za ki yi gobe da safe?" Inda amsoshin suka zo ɗaya, dokar ta zauna. A biyu suka sha bamban, na sake rubuta su.

Yaron Alhaji ya dawo ranar Laraba, yanzu yana CM2. Jerin kalmomin nan kuwa shafi ɗaya ne, yana manne a bangon ofis a rassan biyu, kuma duk wanda zai ƙara doka ko ya rubuta wa iyaye takarda, shi yake fara dubawa.