Wasiƙar Neman Ciniki Ga Wanda Bai San Ka Ba

Wata matashiya mai ɗaukar hoto a Kano ta ga shafin wani kamfanin ɗinka jakunkunan fata. Jakunkunan na da kyau, amma hotunansu duk duhu. Ba ta san kowa a kamfanin ba, sai ta aika wa manajan imel.

Kan saƙon gajere ne: "Hotunan jakunkunanku na shafin sayarwa". Bayan sallama ba ta tsaya dogon tarihin kanta ba. Ta ce: "Ranka ya daɗe, na duba jakunkunanku, na ga duhun hoton yana ɓoye kyan ɗinkin." Wannan jimlar ce ƙashin bayan wasiƙar, domin ta nuna wa manajan cewa shi aka nufa, ba saƙon da aka watsa wa mutum ɗari ba ne.

Sai ta faɗi sana'arta a layi biyu, ta rufe da buƙata ɗaya tak: "Ko za ka ba ni minti 10 a waya ranar Talata?"

A nan da yawa ke tuntuɓe. Wani zai ce a duba shafinsa, a kira shi, a kuma turo kaya, duk a saƙo guda. Manajan da aiki ya sha wa kai ba zai zauna zaɓe ba, sai ya ajiye zuwa anjima, ya manta. Tambayarta kuwa "to" ko "a'a" kawai take nema.

Ba ta maƙala manyan hotuna ba, don saƙon baƙo mai kaya yakan faɗa akwatin Spam. Da ta ji shiru kwana 5, ta aika tuni sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko.