Caji huɗu a kusurwoyin murabba'i: me ke faruwa a tsakiya?

Akwai wata tambaya da ɗaliban fiziks ke yawan cin karo da ita, tun daga ajin ƙarshe na sakandare har shekarar farko a jami'a. A zana murabba'i, a ajiye ɗigon cajin lantarki a kowace kusurwa, sannan a ce a nemo abu biyu a tsakiyarsa: filin lantarki da kuma fotenshal. Da yawa sukan ɗauka cewa abu ɗaya ne aka ba suna biyu, idan ɗaya ya zama sifili to ɗayan ma ya bi shi. Ba haka ba ne, kuma a ganina babu inda bambancinsu ke fitowa sarai kamar a wannan murabba'i.

Caji dai shi ne abin nan da ke taruwa a jikin matajin roba idan an goga shi a gashi lokacin hunturu, har ya riƙa ɗaukar guntayen takarda. Iri biyu ne, fozitif da negetif. Masu iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna. A shekarar 1785 Bafaranshe Charles-Augustin de Coulomb ya auna wannan ƙarfi, ya nuna cewa idan aka ninka tazarar da ke tsakanin caji biyu sau biyu, ƙarfin zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da sunansa ake kiran ma'aunin caji, wato kulom. Kulom guda caji ne mai yawan gaske, don haka a nan za mu yi aiki da nanokulom, kashi ɗaya cikin biliyan na kulom.

Filin lantarki a wani wuri shi ne amsar wannan tambaya: da za a ajiye ɗan ƙaramin caji fozitif a nan, da wane ƙarfi za a tura shi, kuma zuwa ina? Yana da girma, yana da alkibla, shi ya sa ake zana shi da kibiya. Fotenshal kuwa amsar wata tambaya ce dabam: aiki nawa za a yi kafin a kawo wannan ɗan caji daga can nesa zuwa nan? Lamba ce kawai, ana auna ta da bolt, ba ta da gabas ba ta da yamma. Mai karatu zai iya ɗaukar fotenshal a matsayin tsayin ƙasa, filin kuma a matsayin gangararta. Mutum yana iya tsayawa a wuri mai tsayi sosai amma shimfiɗaɗɗe, yana kuma iya tsayawa a wurin da tsayinsa daidai yake da na teku amma ƙasar tana gangarewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ga yadda ake lissafa su idan caji ɗaya ne, q, a tazarar r:

```
E = kq / r²
V = kq / r
k ≈ 9 × 10⁹ N·m²/C²
```

Mu ɗauki murabba'i mai gefe santimita 20. Mu kira kusurwar sama ta hagu A, ta sama ta dama B, ta ƙasa ta dama C, ta ƙasa ta hagu D. Abu na farko shi ne tazarar kowace kusurwa zuwa tsakiya, kuma a nan ne ƙafar ɗalibai da yawa ke fara zamewa, domin sukan ɗauki tsawon gefen su saka a lissafi. Tazarar da ake buƙata ita ce rabin layin da ya ratsa daga A zuwa C. Bisa ƙa'idar Pythagoras, tsawon wannan layi ya kai kusan santimita 28.3, rabinsa kuma 14.1, wato mita 0.141. Idan aka ninka wannan da kansa za a sami 0.02. Wanda ya yi amfani da gefen zai sami 0.04, filin da zai lissafa kuwa zai zama rabin na gaskiya.

Bari kowane caji ya zama nanokulom 2. Ninka shi da k zai ba da 18. Saboda haka kowace kusurwa ita kaɗai tana kawo wannan a tsakiya:

```
E = 18 / 0.02 = 900 N/C
V = 18 / 0.1414 ≈ 127 V
```

Da waɗannan lambobi biyu za mu yi duk sauran aikin.

Tsari na farko: duk huɗun fozitif ne. Fotenshal ba shi da wahala, tarawa ce kai tsaye, 127 sau huɗu, kusan bolt 509. Filin kuwa sai an zana kibiyoyi. Cajin A yana tura ɗan gwajinmu zuwa wajen C da ƙarfin 900, cajin C kuma yana tura shi zuwa wajen A da 900 ɗin dai. Sun kashe juna. B da D ma haka. Filin ya zama sifili a wurin da fotenshal ya haura bolt 500. Babu saɓani a cikin wannan. Kafin ɗan cajin ya iso tsakiya daga nesa, sai da aka yi ta danno shi alhali huɗun suna ture shi, wannan aikin ne bolt 509 ke ƙidayawa. Da ya iso, turawar ta zo daidai daga kowane ɓangare, sai ya rasa inda zai nufa.

Tsari na biyu ya fi jan hankalina. A bar A da B na sama a fozitif, a mayar da C da D na ƙasa negetif. A lissafin fotenshal, caji negetif yana shiga da alamar ɗebewa, don haka 127 biyu sun zo, 127 biyu sun fita, saura sifili. Wanda ya tsaya nan ya ce babu abin da ke faruwa a tsakiya ya yi babban kuskure. A yana tura ɗan gwajin zuwa C, shi kuma C, da yake negetif ne, yana jawo shi zuwa kansa. Alkibla ɗaya suka nufa, sai su haɗu su zama 1,800. B da D ma sun haɗu sun ba da 1,800 zuwa wajen D. Yanzu muna da kibiya biyu, ɗaya ta nufi ƙasa ta dama, ɗaya ta nufi ƙasa ta hagu. Layukan da suka ratsa murabba'i suna gicciye juna a kusurwar digiri 90, saboda haka Pythagoras zai sake yi mana aiki:

```
E = √(1800² + 1800²) ≈ 2546 N/C
```

Alkiblarsa ƙasa ce sak, daga gefen fozitif zuwa gefen negetif, domin karkatar dama da ta hagu sun share juna. Ga fotenshal sifili, ga kuma fili mai ƙarfi kusan ninki uku na abin da caji ɗaya ke bayarwa.

A lura cewa amsar ba 3,600 ba ce. Wanda ya tara 900 sau huɗu ya yi wa kibiyoyi lissafin da ya dace da fotenshal ne kawai. Za a sami 3,600 ne da a ce huɗun duk suna tura shi kan layi ɗaya, abin da ba zai yiwu a murabba'i ba. Wannan ma hanya ce ta duba amsa: duk wadda ta kai 3,600 ko ta wuce, akwai kuskure a cikinta. Wani tuntuɓen kuma shi ne a saka alamar ɗebewa a cikin lissafin E sannan a sake juya kibiyar. An juya ta sau biyu ke nan, sai ta koma inda bai kamata ba. Abin da ya fi tsafta shi ne a lissafa girman filin ba tare da alama ba, a bar zane ya nuna alkibla: kibiya tana guje wa fozitif, tana nufar negetif.

Daga nan mutum zai gane cewa ba ya buƙatar bin caji huɗu ɗaya bayan ɗaya. A duba su bibbiyu, kowane da wanda ke kallonsa ta tsallaken tsakiya, domin bambancin da ke tsakaninsu ne kaɗai ke haifar da fili. Misali, a koma tsari na farko a cire cajin D gaba ɗaya. A da C har yanzu suna kashe juna. B ne ya rasa abokin karawa, don haka filin zai zama 900, yana nufar kusurwar da aka bari wayam. Fotenshal kuma ya sauka zuwa 127 sau uku, kusan bolt 382.

Saura tsari na uku, inda ake jera su bi da bi: A fozitif, B negetif, C fozitif, D negetif. Kowane yana kallon irinsa, don haka filin sifili ne. Fozitif biyu da negetif biyu kuma sun sa fotenshal ma sifili. A nan ne kawai, cikin tsare-tsaren da muka gani, su biyun suka ɓace tare.

Sai dai sifilin nan na ɗigo ɗaya ne tak. Idan ɗan caji fozitif ya gusa daga tsakiya zuwa wajen A ko C, za a turo shi ya dawo. Idan ya gusa zuwa wajen B ko D, za a ƙara janye shi ne, ba zai dawo ba. Ko a tsari na farko, inda huɗun suka kewaye shi suna mayar da shi tsakiya muddin yana kan shimfiɗar takardar, da zarar ya ɗan ɗago sama da takardar sai su haɗu su cilla shi waje. A shekarar 1842 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da cewa haka abin yake a ko'ina: babu yadda za a jera caji marasa motsi su riƙe wani caji a sarari ta kowane ɓangare. Kullum akwai kafar da zai sulale.

Masanin fiziks na Jamus Wolfgang Paul ya samo hanyar kewaye wannan iyaka. Maimakon a bar alamomin a tsaye, sai a riƙa musanya su da sauri ƙwarai, fozitif ya koma negetif, negetif ya koma fozitif. Kafin cajin ya yi nisa ta kafar da ta buɗe, an rufe ta an buɗe wata, sai ya yi ta kai da kawo a kusa da tsakiya. Wannan aiki ya sa ya sami rabo a kyautar Nobel ta fiziks ta 1989. A ɗakunan gwaje-gwaje na yau akwai na'urorin tantance sinadarai masu sandunan ƙarfe huɗu a jere, waɗanda idan aka dube su ta ƙarshensu za a ga suna zaune a kusurwoyin murabba'i, kowane biyu masu kallon juna an haɗa su da waya ɗaya. Ana harba ƙwayoyin sinadari masu caji ta tsakaninsu, a daidaita lantarkin yadda masu wani nauyi na musamman, gwargwadon cajinsu, ne kaɗai za su ratsa har ƙarshe, sauran su kauce su bugi sandunan. Da irin wannan na'ura ake gano ragowar maganin ƙwari a abinci, ko wani ƙwayar magani a jinin mutum.