Kafin ka damƙa wa wani kamfani ajiyar bayanan kasuwancinka

A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani kuma ya ƙone a wani sashe. Cikin waɗanda suka yi asara har da masu biyan kuɗin kwafi na biyu kowane wata. Sai bayan gobarar suka gane cewa kwafin nasu yana ajiye ne a wuri ɗaya da na asali, wuta ta haɗa ta cinye duka. Da a ce tun farko sun tambayi inda kwafin yake, da ba su kwana ciki ba.

Mu ɗauki ƙaramin ɗakin gwajin jini a Kano, mai ma'aikata shida, wanda ke son daina tara sakamakon marasa lafiya a kwamfutar ofis. Tambayarsa ta farko ga kamfanin ajiya ita ce: a wace ƙasa, a wane gari na'urorinku suke? Manyan kamfanoni sukan bar mutum ya zaɓa. Amazon ya buɗe cibiya a Cape Town a 2020, wadda ake gani a allo da sunan af-south-1, Microsoft na da tasa a Afirka ta Kudu tun 2019, Google kuma ya buɗe a Johannesburg a 2024. A gida akwai irin su Rack Centre a Legas. Amma wanda ya buɗe akawun na kyauta ya zuba fayiloli, ba shi da ta cewa, duk inda kamfanin ya ga dama nan zai kai su.

Wannan ba batun sauri kaɗai ba ne, akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma ba ta yarda a fitar da bayanan mutane waje haka kawai ba, sai in akwai isasshiyar kariya a can, ko wani dalili da dokar ta amince da shi, kamar yardar mai bayanan. Abin da masu ƙananan sana'o'i suka fi mantawa shi ne, nauyin yana wuyansu. Mai ɗakin gwajin ne ya karɓi bayanan, kamfanin ajiya ɗan aike ne kawai. In aka yi kutse mai iya cutar da mutane, shi doka ta ba awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Don haka a cikin yarjejeniyar ya nemi sakin layin da ya faɗi yadda kamfanin zai sanar da shi, da kuma cikin wane lokaci. Ya kuma sani cewa zaɓen Cape Town bai raba shi da dokar Amurka ba in kamfanin na Amurka ne, domin dokar CLOUD ta 2018 ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanoninsu ko a ina suka ajiye su.

Sai takardar sharuɗɗa, wadda kowa ke danna amincewa bai karanta ba. Alkawarin aiki kashi 99.9 cikin ɗari yana da daɗin ji, kuma yana nufin a wata ana iya rasa kusan minti 43. In aka wuce haka, yawanci ragi ake yi maka a kuɗin wata mai zuwa, shi ma sai ka nema. Wurin da ya fi cizo shi ne iyakar diyya. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa ba za su biya fiye da abin da ka ba su a wata 12 da suka wuce ba. Ɗakin gwajin da ke biyan dala 50 a wata, ko da bayanan shekara biyar suka salwanta, dala 600 ce ƙarshen abin da zai iya nema. A ganina wannan layin kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙe kwafi na daban, a wani kamfani ko a faifan ajiya da ba ya kwana a ofis.

Kuɗin ma da dala ake lissafa shi. Dala 50 ɗin nan kusan naira 23,000 ce a farkon 2023, amma a 2024 ta kai naira 75,000, ga katin banki da a lokacin yakan ƙi biyan kuɗin waje. To in biya ya tsaya, kwana nawa za a jira kafin a rufe akawun, kuma kwana nawa kafin a goge abin da ke ciki? Amsar tana cikin takardar, kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Kafin a kwashe komai, mai ɗakin gwajin ya ɗora fayilolin wata guda, ya sauke su duka a wata kwamfuta, ya buɗe ya gani ko sun fito yadda wata manhaja za ta iya karanta su, ya kuma duba nawa aka caje shi na saukewa, domin wasu kamfanonin ɗorawa kyauta ce, fitarwa kuwa sai an biya kan kowane gigabait.