Kujama: Yadda cutar ƙullutun gidan ƙwai ke rage wa mace damar ɗaukar ciki

A Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, idan aure ya shekara biyu babu ciki akan fara zargin mahaifa. Sau da yawa kuwa mahaifar lafiyarta ƙalau, ƙwai ne ba ya fitowa. Babban abin da ke jawo haka shi ne cutar da likitoci ke rubutawa PCOS a takardar sakamako, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa.

A kowane wata ƙananan jakunkuna masu ɗauke da ƙwai sukan fara girma a gidan ƙwan mace. Ɗaya takan zarce saura, ta kai kimanin milimita 20, ta fashe ta saki ƙwai. A jikin mai wannan cuta, sinadarin maza yakan yi yawa, kuma yawan insulin a jini na ƙara ingiza shi. Sai jakunkunan su tsaya a milimita 2 zuwa 9, babu wadda ta nuna. Su ne ƙullutun da hoton sikanin ke nunawa.

A ɗauki misalin malamar makaranta a Kujama wadda mijinta ke aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa gida. Macen da ke ganin al'ada duk kwana 28 tana sakin ƙwai kusan sau 13 a shekara. Ita kuwa malamar, da tata ke zuwa bayan kwana 90, damarta ba ta wuce huɗu ba, wataƙila ma wani jinin ya zo ba tare da ƙwai ya fita ba. Ƙwai ba ya wuce kwana guda da rai, maniyyi kuma iyakarsa kwana biyar. Tunda ba a san ranar fitar ƙwan ba, zuwan maigida na iya saɓawa da duka huɗun.

Tun ƙa'idar Rotterdam ta 2003, ana tabbatar da cutar idan an samu biyu cikin alamomi uku: rikicewar al'ada, shaidar yawan sinadarin maza kamar gashin haɓa, da ƙullutu a sikanin, bayan an kawar da zargin wasu cututtuka irin na maƙoshi. Don haka sikanin kaɗai bai isa hujja ba. Tsinken gwajin fitsari na sakin ƙwai ma yakan yaudari masu cutar, domin sinadarin da yake aunawa yakan kasance a sama a jikinsu ko babu ƙwai.

Daga Kujama, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna na cikin wuraren da ake samun likitocin mata. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne letirozol, na kwana biyar a farkon al'ada, bayan an gwada maniyyin miji. Shan irin waɗannan magunguna daga kemis ba tare da sa idon likita ba na iya nunar da ƙwai da yawa lokaci guda, a samu cikin 'yan biyu ko 'yan uku mai haɗari ga uwa da jarirai.